Ɗumame A Akwatin Lantarki

Tun ran da aka kawo akwatin ɗumama abinci ɗakin malamai, watau na'urar nan da a ke kira maikirowef, na ga abubuwa iri iri. Na ga wanda ya sa tuwo a kwanon sha, ya danna, wuta ta yi tartsatsi ya ja da baya yana salati. Na ga wanda ya ɗumama shinkafa, lomar farko ta ƙona masa baki, ta biyu kuwa ya same ta da sanyi ƙalau kamar yanzu aka fito da ita daga firji. Ni kaina ban tsira ba, zan kuwa ba da labarina nan gaba. Shi ya sa na roƙi Edita ya ba ni fili in yi wa 'yan'uwana malamai da ɗalibai bayanin abu uku: abin da ya sa a ke hana sa ƙarfe, abin da ya sa abinci ba ya yin zafi bai ɗaya, da abin da ya sa a ke barinsa ya ɗan huta kafin a ci.

Yadda akwatin ke aiki

A murhu, wuta ke gasa tukunya, tukunya ta gasa abinci. A wannan akwati ba haka ba ne. Cikinsa akwai wata na'ura mai suna maganetiron, ita ke juya lantarki ya zama igiyoyi irin na rediyo, sai dai sun fi na rediyo gajarta ƙwarai. Tsawon kowace igiya wajen santimita 12 ne, tana kuwa kai da komowa sau miliyan 2,450 cikin daƙiƙa guda. In igiyoyin nan suka shiga abinci sai su riƙa jujjuya ƙwayoyin ruwan da ke cikinsa, wannan jujjuyawa ita ke zama zafi.

Wani injiniya Ba'amurke, Percy Spencer na kamfanin Raytheon, shi ya fara lura da haka a 1945, sa'ad da ya ke aikin na'urar hango jiragen sama, ya ga alewar da ke aljihunsa ta narke. Akwatin farko da aka sayar a 1947 ya kai tsayin mutum. Sai a 1967 aka fito da ƙarami wanda a ke ɗorawa bisa tebur, kakan waɗanda mu ke gani yau a kantunan Wunti.

Mutane da yawa suna tsoro wai igiyoyin nan suna zama cikin abinci. Ba su zama. Da an kashe akwatin sun ɓace, kamar yadda haske ke ɓacewa in an kashe fitila. Ba su kuma fitowa waje, domin bangon akwatin ƙarfe ne, gilashin ƙofarsa kuma yana da raga mai ƙananan huda, haske ya wuce, igiyar ba ta iya wucewa. Haɗarin yana wani wuri dabam, ga shi.

Ƙarfe

Igiyoyin nan suna ratsa gilas da tangaran, amma ba su ratsa ƙarfe. In sun same shi sai su dawo, kamar yadda haske ke dawowa daga madubi. Daga nan ɓarna biyu ke fitowa.

Ta farko ita ce, kwanon ƙarfe yana kāre abinci. Igiyar ba ta shiga ta gindi, ba ta shiga ta gefe, sai ta sama kaɗai. Saman tuwon ya yi zafi, ƙasansa yana nan yadda ya ke. In kuwa kwanon da murfinsa na ƙarfe aka sa, to igiyar ba ta sami abin da za ta shiga ba ke nan, sai ta koma kan maganetiron ɗin da ya haife ta, ya yi zafi fiye da kima, har ya lalace. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba a kunna akwatin in babu kome ciki.

Ta biyu ita ce tartsatsi. Igiyar tana tura lantarki ya yi ta gudu a jikin ƙarfen, lantarki kuwa wurin tsini ya ke taruwa. In ya taru da yawa sai ya tsallaka ta iska, ka ga walƙiya, ka ji ƙara tas tas. Saboda haka abin da ya fi haɗari shi ne ƙarfe mai tsini ko mai siranta: cokali mai yatsu, takardar alminiyam da ta cukurkuɗe, irin wadda a ke naɗe tsire da balangu, 'yar wayar da a ke ɗaure bakin ledar burodi, da zanen ruwan zinariya ko na azurfa da ke bakin tangaran na kayan ɗakin amare. Wannan zane ƙarfe ne na gaske, sai dai ya fi fatar albasa siranta, nan da nan ya ƙone ya bar baƙi. In akwai takarda ko mai kusa da wurin, tartsatsin nan ya isa ya ta da gobara.

Wani zai ce, ai shi ya taɓa mance cokalin shayi a kofi bai ga kome ba. Gaskiya ne, cokali mai sumul da ya nutse cikin ruwa ba kullum ya ke tartsatsi ba. Amma ran da ya kusanci bango zai yi. Akwatin da mutum ashirin ke amfani da shi doka guda ta fi masa: ba a sa ƙarfe, ƙarami ko babba.

Abin da ke ruɗin mutane a nan ƙasar shi ne kwanonin nan namu masu fenti, farare masu furanni, irin na jere. A ido kamar tangaran su ke, amma ƙarfe ne aka yi masa rufi. Ka duba inda fentin ya ɓantare za ka ga baƙi ko tsatsa. In kana shakka ka kai masa maganaɗisu, in ya kama to ƙarfe ne. Amma ka sani rashin kamawa ba shaida ba ce, domin maganaɗisu ba ya kama alminiyam, shi ma kuwa ƙarfe ne. Kular abinci ma yawancinta cikinta ƙarfe ne ko da bayanta roba ce. A juye abincin a wani mazubi.

Mazubin da ya fi shi ne tangaran marar zane mai ƙyalli, ko gilas mai jure zafi. Roba sai wadda aka rubuta a gindinta cewa ta wannan aiki ce. Robar da aka sayo abinci a ciki, da ledar da a ke ƙulle malmalar tuwo, ba a yi su don wannan zafi ba, balle in akwai manja ko man gyaɗa, zama shi mai yakan wuce zafin tafasasshen ruwa, ya narkar da robar cikin miya. Akushi da ƙwarya kuwa bushewa su ke su tsage. Ga gwaji mai sauƙi in ba ka tabbata da faranti ba: ka sa shi ba kome a kansa, ka ajiye kofin gilas cike da ruwa a gefensa, ka kunna minti guda. In ruwan ya yi ɗumi farantin bai yi ba, ya yi. In farantin ya ɗau zafi, to shi ke shanye igiyar, kada ka yi aiki da shi.

In ka ga tartsatsi, kashe nan take ka fid da abin. In kuwa wuta ta kama, kada ka buɗe ƙofa, domin iska za ka ba ta. Ka kashe, ka zare wayar daga bango, ka bar ƙofar a rufe har ta mutu.

Zafi rabi da rabi

Yanzu ga labarina. Wata ran Litinin na zo da ragowar tuwon shinkafa da miyar taushe na daren jiya. Na sa malmala guda sukutum a tsakiyar faranti, na kwarara miya a kai, na ba shi minti uku. Da na buɗe, miyar tana ɓararraka a gefe, tururi na tashi, na ce madalla. Na gutsura gefe, sai da na hura. Da na kai tsakiya sai na ji sanyi a yatsana. Ashe miyar ce ta yaudare ni, cibiyar tuwon ko ɗumi ba ta yi ba.

Dalilai uku suka haɗu a farantin nan.

Na ɗaya, igiyar ba ta nisa cikin abinci. Ƙarfinta yakan ƙare cikin santimita biyu ko uku na farko, kamar tsawon gaɓar yatsa. Abin da ya wuce nan sai ya jira zafi ya rarrafo masa daga waje, sannu sannu, kamar a tukunya. Masu cewa akwatin daga ciki ya ke fara dafawa sun yi kuskure. Malmalata kaurinta ya kai santimita takwas, ina igiya za ta kai cibiyarta? Miya mai gishiri ma ta fi saurin shanye igiyar, shi ya sa ta tare ta tun daga waje.

Na biyu, igiyoyin suna bugun bango suna dawowa suna karo da juna. Wani wuri su ƙarfafa juna ya yi zafi ƙwarai, wani wuri su kashe juna ya zauna da sanyi. Tsakanin wurin zafi da na kusa da shi wajen santimita 6 ne, watau rabin tsawon igiyar. Faifan gilas ɗin nan mai juyawa an yi shi ne don ya riƙa ratsa abinci ta wuraren nan duka. Amma tsakiyar faifan ba ta zuwa ko'ina, a wuri guda ta ke juyawa. Ni kuwa nan na ɗora tuwona.

Na uku, ƙanƙara ba ta shan igiyar kamar ruwa. In abinci ya daskare, inda ya fara narkewa shi zai yi ta kwasar zafi har ya tafasa, na kusa da shi yana nan kamar dutse. Maɓallin da aka rubuta DEFROST a kansa don wannan aka yi shi: yana kunnawa yana kashewa, domin zafi ya sami lokacin bazuwa.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga wuraren zafin nan da idonsu, ga yadda zai yi. Ya cire faifan da ƙafafunsa, ya kife wani faranti bisa abin da ke juya shi don kada kome ya motsa. Ya jera yankan burodi a faffaɗan faranti, ya shafe su da bota ko'ina daidai, ya ɗora, ya kunna daƙiƙa 15 ko 20, yana tsaye yana kallo. Zai ga botan ya narke tabo tabo, wani wuri bai ko motsa ba. A auna tsakanin tabo da tabo da rula, za a sami kusan santimita 6.

To, mene ne laifin loma mai sanyi, ban da rashin daɗi? Laifinta shi ne ƙwayoyin cuta. Ba igiyar ke kashe su ba, zafi ke kashe su. Inda zafi bai kai ba suna nan da ransu. Abin da a ke nema ga ɗumame shi ne ko'ina cikinsa ya kai digiri 75, har cibiya. Iyayenmu mata da ke ɗumame a murhu suna samun wannan ba da ma'auni ba, domin sukan yayyanka tuwon, su yayyafa ruwa, su rufe, su bar tururi ya ratsa shi. Abin da za mu yi ke nan a akwatin.

Yadda na ke yi yanzu

Bari mu ɗauki malmala guda da ludayi biyu na miya, duka wajen giram 400, daga firji, a akwati mai ƙarfin wat 700, irin wanda ya fi yawa a gidaje.

Da fari sai in kwance ledar in jefar. In yanka tuwon gida shida ko takwas, kowane kaurinsa kada ya wuce yatsu biyu. In jera su zobe a gefen faranti, in bar tsakiya fili. In yayyafa ruwa kamar cokali biyu, in kife wani faranti a kai, amma in bar 'yar kafa inda tururi zai fita. Murfin nan yana da amfani ƙwarai, domin tururin da ya tare shi ke kai zafi inda igiya ba ta kai ba, shi ke kuma hana tuwon bushewa. Miya kuwa a kofin tangaran dabam na ke sa ta, domin ita da tuwo ba gudu ɗaya su ke yi ba.

Miya na ke fara sawa, a rufe, minti guda. In fito da ita in juya da cokali, daga gefe zuwa tsakiya, in cire cokalin, in mayar rabin minti ko minti guda, har ta tafasa ko'ina. Sa'an nan tuwo, minti ɗaya da rabi. In buɗe, in juya kowane yanki, na ciki ya koma waje, in rufe, in ƙara minti ɗaya da rabi.

Masu son lissafi ga shi. Ɗaga giram 400 daga digiri 5 zuwa 75, in mun ɗauke shi kamar ruwa ne zalla, yana bukatar wajen jul 118,000. Akwati mai wat 700 yana ba da jul 700 kowace daƙiƙa. In ka raba za ka sami wajen daƙiƙa 169, watau kusan minti uku. Wannan a takarda ke nan. A aikace mazubi yana ɗaukar nasa, tururi yana tafiya da nasa, shi ya sa abin ke kai minti huɗu zuwa biyar. Abin lura shi ne, in ka ninka abinci sai ka kusan ninka lokaci. Faranti biyu ba su ɗumama a lokacin faranti ɗaya.

Akwai kuma wani abu da mu ke fama da shi a Bauchi, watau wuta marar ƙarfi. An yi akwatin don bolt 220 zuwa 240. Ran da wuta ta zo da rauni, fitilar ciki za ta kama, faifai zai juya, agogo zai ƙirga, amma zafin kaɗan ne ko babu. Haka kuma akwati mai ba da wat 700 yana jan fiye da wat 1,000 daga bango, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa. Saboda haka kada ka amince da agogo, abincin za ka duba.

Hutawa

Da ƙararrawa ta buga, hannu sai ya nufi cokali. A dakata. A bar farantin a rufe minti biyu, in abincin mai yawa ne minti uku. Wannan jira yana cikin dahuwar, ba bayanta ya ke ba. Sa'ad da akwatin ya tsaya, wani gefe yana kusa da tafasa, wani bai kai 75 ba. Cikin mintocin nan zafi ke barin inda ya yi yawa ya shiga inda ya yi kaɗan, har su kusan daidaita. Duk mai dafa shinkafa ta san haka, takan janye wuta ta bar tukunya a rufe ta turara. In ka buɗe murfin don leƙe, ka saki tururin da ke yi maka aikin.

Bayan hutawa sai gwaji. Mai ma'aunin zafin abinci ya soka shi a yanki mafi kauri, a wuri biyu ko uku, bayan an fito da farantin. Wanda ba shi da shi ya raba yanki mafi girma biyu, ya ga ko tururi na tashi daga cibiyarsa. Ko ya soka wuƙa, ya ƙirga biyar, ya zare, ya taɓa bakinta a bayan hannunsa a hankali. In ɗumi ɗumi ta ke, a mayar minti guda, a sake barinsa ya huta. In za ka buɗe murfi, ɗaga gefen da ke nesa da fuskarka.

Masa aikinta bai kai haka ba, da ya ke ba ta da kauri. Guda huɗu ko biyar a jere zobe, a yayyafa ruwa, a rufe, wajen minti guda ya isa. In ta daɗe sai ta yi tauri kamar fata.

Hutawa tana tsare ka daga ƙuna kuma. Ruwan da aka dafa a kofi mai santsi yakan wuce zafin tafasa bai nuna ba, sai ka zuba sukari ko ganyen shayi ya yi tsalle ya watsu a hannu. A bar shi rabin minti cikin akwatin kafin a taɓa. Ƙwai da ɓawonsa, ko dafaffe da ba a yanka ba, ba a sa shi sam, domin tururi ke taruwa ciki ya fashe, wani lokaci ma sai an fito da shi. Madarar jariri kuwa gara a ɗumama ta cikin ruwan ɗumi, zama kwalbar takan yi sanyi a hannu alhali wani sashen madarar ya isa ya ƙona baki.

Abin da ɗumame ba ya gyarawa

Saura magana guda, ita ce ta fi nauyi. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta wadda irinta ba ya mutuwa da dahuwa. In an bar dafaffiyar shinkafa, ko tuwonta, ta daɗe a ɗumi, irin nan sai ya tsiro ya yaɗu, ya zuba dafi cikin abincin. Dafin nan zafi ba ya kashe shi, ko a akwati ko a murhu. Wanda ya ci yakan fara amai cikin awa ɗaya zuwa shida, abincin kuwa ba lalle ya yi wari ko yauƙi ba.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. A bazarar Bauchi, watan Maris da Afrilu, awa guda ta fi. A raba ragowar a mazubai marasa zurfi don ta huce da wuri, a sa a firji, shinkafa kuma a ci ta washegari. In aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yakan riƙe sanyinsa wajen awa huɗu. In wuta ta kwana ba ta dawo ba, abincin da ke ciki shi ma a waje ya kwana. A ɗumama abin da za a ci kaɗai, sau ɗaya. Ɗalibin da ya bar kular shinkafa a ɗakin kwana tun daren jiya, kada ya zaci minti biyar a akwatin za su wanke ta. Asarar kwano guda ta fi kwana biyu a asibiti sauƙi.

Daga ƙarshe ina roƙon masu amfani da na ɗakin malamai, kowa ya goge abin da ya fantsama kafin ya tafi, domin busasshiyar miya a bango takan ƙone har ta yi tartsatsi. In ƙofar ta lanƙwashe, ko ba ta rufuwa sosai, ko akwatin yana aiki alhali tana buɗe, a zare wayarsa a daina. Kada kuma wani mai karambani ya kwance bayansa, domin akwai abin da ke riƙe lantarki wajen bolt 2,000 ciki ko bayan an zare waya. Wannan aikin gwani ne.

Na ajiye faranti biyu na tangaran da kofi guda bisa akwatin don kowa. Wanda ya yi aiki da su ya wanke ya mayar. Wassalam.